Ɗalibata ta tsaya a kan harafi ɗaya, labarin kuma ya ƙi tashi

Assalamu alaikum. Ni malamar Turanci ce a wata ƙaramar sakandare a Zariya. Ina rubuta gajeren labari da Hausa, wanda ba zai wuce kalma 1,500 ba, a kan wata ɗaliba da ta kai zagayen ƙarshe a gasar sifelin, aka ba ta kalma, ta rasa wanne za ta faɗa tsakanin colour da color. Duk wanda na ba ya karanta sai ya ce labarin lami ne, kuma wurin kokwanton nata bai wuce layi uku ba. Abin ya dame ni, har na fara tunanin ko rubutu ba hanyata ba ce. Ina matsalar take? Kuma in sa ta ci ne ko ta faɗi?

Wa alaikumus salam, Malama.

Matsalar tana cikin kalmar da kika zaɓa, ba a hannunki take ba. Rubutun nan biyu duka daidai ne. Na farko na Birtaniya ne, wanda makarantunmu suka gada, na biyu kuma na Amurka ne, wanda ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafa shi. Kokwanton yarinyar ya zama na sanin wane ƙamus ne a gaban alƙalai, kuma wannan abu ne da ake faɗa tun kafin a fara gasa. Idan ta faɗi, mai karatu zai ce an zalunce ta. Idan ta ci, zai ce sa'a ce. Ko ta wace hanya babu abin da ya fito daga cikin kanta, shi ya sa wurin ya ƙare miki a layi uku: babu abin da za ta yi tunani a kai.

Kalmar da za ta ɗauki labari sai ta cika sharuɗɗa uku. Rubutu ɗaya ne kawai daidai a cikinta a kowane ƙamus. Kunne ba zai iya raba gardamar ba. Sannan rubutun da ba daidai ba yana da hujja mai kyau, irin wadda za ta ja yaro mai ƙoƙari, domin kuskuren mai ƙoƙari ne yake taɓa zuciya, ba na wanda bai yi karatu ba. Saboda sharaɗi na farko muke ba ki shawarar ki guji supersede, duk da tana da daɗin labari, domin ƙamus ɗin Merriam-Webster ya kawo supercede a matsayin wani rubutu da ake gani, ko da yake mutane da yawa suna ɗaukar sa kuskure. Wani mai karatu zai tsaya miki a nan.

Ki ɗauki separate. Ke da kike gyaran littattafan ɗalibai kin san sau nawa kike jan jan biro a ƙarƙashin seperate. Harafi na huɗu ne kaɗai abin gardama, A ne ko E, kuma ga dalilin da ya sa yake kayar da yara har da manya. A bakin Bature wasalin da ke wannan gaɓar ba a ƙarfafa shi. Idan kalmar aikatau ce, wato a raba, gaɓa uku ake ji, amma wasalin tsakiya wani ɗan sauti ne mara kama, ba A ba ne sosai, ba E ba. Idan kuma sifa ce, wato abin da ke ware daban, yawanci gaɓa biyu ake ji, wasalin ya ɓace gaba ɗaya. Yarinyar da ta fara karatu da Hausa ta saba da rubutun da ke bin furuci: wasulanmu biyar ne, abin da ta ji shi take rubutawa. A nan kuwa kunnen da ta dogara da shi tun aji ɗaya ba shi da abin da zai ba ta.

Sai kuma hujjar da ke jan ta zuwa E. Ta san desperate, wadda ƙarshenta ya yi amo ɗaya da sifar separate, kuma da E ake rubuta ta. Ta san operate, ta san temperate, duk da E. Kenan idan ta ce E ba shirme ta yi ba, ƙiyasi ta yi, irin wanda malamai suke koya wa yara su yi. Abin da ya raba su yana can cikin Latin. Separate daga separare ta fito, wato se, a gefe, da parare, a shirya. Wannan parare ɗin ita ce ke cikin prepare, inda ake jin gaɓar sarai kuma kowa ya san da A ake rubuta ta. Desperate kuwa daga sperare take, wato sa rai, don haka E ɗinta na gado ne. Ba za ki zuba wannan bayani duka a cikin labari ba. Amma sai kin riƙe shi a ranki, domin daga cikinsa ne za ki ciro abin da yarinyar take tunani a tsaye gaban makirufo.

A nan akwai tarko da ya shafi wurin da kika ajiye labarin. Masu kiran kalma da yawa a makarantunmu suna furta Turanci yadda aka rubuta shi, su ba kowane wasali haƙƙinsa. Idan mai kiran naki ya ce se-pa-ret da A a buɗe, to ya riga ya ba ta amsa, kuma duk malamin da ya karanta zai gane haka. Don haka ki yanke tun farko wane ne mai kiran. Ki sa shi mutum mai kiyaye furucin ƙamus, ki sa ya ba ta sifar mai gaɓa biyu, kuma ki nuna wa mai karatu da jimla ɗaya cewa tsakiyar kalmar haɗiye ta yake yi.

Yanzu ƙa'ida. Babu labarin gasa sai da dokar da ke rufe ƙofar gudu. A babbar gasar Amurka ta Scripps, wadda aka fara a 1925 kuma gasanni da yawa suke kwaikwayon tsarinta, ɗalibi yana da damar ya nemi a maimaita kalma, a faɗa masa ma'anarta, a faɗi ajinta a nahawu, a sa ta cikin jimla, a faɗi harshen da ta samo asali, a kuma faɗi wani furucin idan tana da shi. Idan ya fara jero haruffa ya tsaya, yana iya komawa farko, amma ba zai canza harafin da ya riga ya fito daga bakinsa ba. Akwai iyakar lokaci, kuma ƙararrawa ake kaɗawa idan an yi kuskure. Gasannin makarantu a nan sun bambanta, wasu ba sa ba da damar tambayoyi duka, wasu kuma usur suke busawa ko alƙali ya faɗa da baki. Kina da 'yancin tsara taki, amma ki sa babban alƙali ya faɗi dokokin a shafin farko, a gajarce, musamman ta rashin canza harafi. Ya fi kyau ma ki nuna ta tana aiki: wani yaro kafin ita ya ce harafi, ya gane kuskurensa nan take, ya nemi gyarawa, aka ce ya zauna. Layi huɗu sun isa. Daga nan mai karatu ya san nauyin harafin da za ta furta, ba sai kin gaya masa ba.

Waɗannan tambayoyi su ne maganin layi ukun da kike kuka da su. Kokwanto ba ya tsawo da faɗin cewa zuciyarta na bugawa, gumi na keto mata. Wannan jimla ɗaya ce, kuma idan kika maimaita ta da wasu kalmomi ba ki ƙara komai ba. Yana tsawo ne idan yarinyar tana yin wani abu, tana gwada hanya, hanyar tana toshewa, tana gwada wata. Kowace tambaya da za ta yi yunƙuri ne, kowace amsa kuma ko dai ta bar ta inda take ko ta ƙara rikita ta. Ki duba yadda za a jera su a kan wannan kalmar. Ta nemi a maimaita, ba ta ji wasalin ba. Ta nemi jimla, jimlar ta tabbatar mata da kalmar da ta riga ta sani, ba ta ƙara mata komai ba. Ta nemi asali, aka ce Latin, sai dai desperate ma Latin ce, don haka amsar da take sa ran za ta cece ta ta dawo da ita tsakiya. Ta nemi wani furucin, aka ba ta mai gaɓa uku, ta kasa kunne a tsakiyar, ta ji wani abu da zai iya zama kowanne. Tambayoyi sun ƙare, lokaci na tafiya.

Ga misalin yadda wurin zai iya kasancewa. Ba don ki kwafa ba, don ki ga tafiyar ne kawai.

"A maimaita, don Allah," in ji Rukayya.

Mai kiran ya maimaita. Gaɓa biyu, tsakiyar a haɗiye.

Ta buɗe tafin hannunta na hagu, ta fara rubutu da ɗan yatsa, yadda take yi a hanyar makaranta. S, E, P. Yatsan ya tsaya. Ta rubuta E, ta ƙarasa kalmar, ta dube ta, ta yi mata kyau. Ta shafe da babban yatsa, ta sake rubutawa da A. Ita ma ta yi mata kyau.

"Daga wane harshe take?"

"Latin."

Desperate ma Latin ce. Ta tuna ta sarai, a shafin dama na littafinta, layi na uku daga ƙasa, da E ɗinta. To ina wannan take? Ta ga shafin, ta ga jan biron Malama a gefe, ta ga an zagaye harafi ɗaya. Abin da ba ta iya gani ba shi ne ko harafin da aka zagaye nata ne na kuskure, ko gyaran da aka yi mata ne.

Alƙalin da ke riƙe da agogo ya ɗaga yatsu uku. Sakan talatin.

Ki lura da abin da ya faru a sakin layin jan biro. Ta tuna an taɓa yi mata gyara a wannan wurin, amma ba ta tuna ta wane ɓangare ba. Haka mantuwar sifelin take a zahiri, kuma duk wanda ya taɓa zama jarrabawa ya san ta. Mutum ya fi tuna cewa kalma tana da tarko fiye da yadda yake tuna hanyar fita daga tarkon, har ma yakan ce wa kansa, wanda ya fara zo mini shi ne kuskuren da na saba yi, bari in ɗauki ɗayan, alhali na farkon ne daidai. Wannan juyin shi ne zuciyar labarinki, kuma a nan ya kamata ki kashe mafi yawan kalmominki. A cikin 1,500 ɗin, mu da za mu ba abin da ya gabata kamar 350, wato wace ce ita, me ke jiran ta idan ta ci, dokoki, da yaron da ya faɗi. Tsayuwarta gaban makirufo ta ɗauki 800 zuwa 900. Abin da ya rage na bayan harafin ne. Marubuta da yawa suna juya wannan lissafi, su cika shafi biyu da wankan safe da karin kumallo da shiga mota, su iso dandamali numfashinsu ya ƙare.

Wani abu da ya keɓanta da rubuta wannan labari da Hausa shi ne sunayen haruffa. Sunan A a Turanci, idan an furta shi, ya yi kusa da E ɗinmu na Hausa, sunan E na Turanci kuma I ɗinmu ne. A kan takarda ki rubuta haruffan da manyan baƙi, ɗaya bayan ɗaya, kada ki rubuta yadda ake furta su, in ba haka ba mai karatu zai rasa wanne ta faɗa a daidai wurin da ya fi buƙatar sani. Idan kuwa akwai yiwuwar a karanta labarin a rediyo ko a gaban jama'a, ki ba haruffan biyu wata alama tun farko, misali ita kanta Rukayya tana kiran su na farkon abacada da na biyar. Za ki iya jin sha'awar ki mayar da wannan ruɗani ya zama rikicin labarin, wato ta faɗi daidai alƙali ya ji ba daidai ba. Kada ki yi. Wannan labari ne na daban, na zalunci da ɗaukaka ƙara, kuma zai ƙwace hukuncin daga hannun yarinyar ya miƙa wa alƙali, ki koma inda colour ta bar ki.

Ki kuma tuna da mai karatun da Turancinsa bai yi nisa ba. Ba dole ne ya san amsar ba, amma dole ya san abin da ake gardama a kai. Ki nuna masa rubutun biyu sau ɗaya, kusa da juna, ki bar alƙali ya faɗi ma'anar, ki kawo ta da Hausa kai tsaye kamar sauran zancen. Abin da za ki kiyaye shi ne kada mai ba da labari ya furta wanne ne daidai kafin ita. Akwai hanyoyin da hakan ke zamewa ba da niyya ba: ki sa kalmar a taken labarin, ko ki rubuta ta cikakkiya a bakin mai kira. Idan ya kira ta, ki ce ya faɗi kalmar, ko ki bayyana sautinta. Kada idon mai karatu ya ga harafi na huɗu sai a tafin hannun Rukayya, inda yake a rubuce iri biyu.

Game da ko ta ci ko ta faɗi, duka biyun suna iya yin kyau, muddin harafin da ta furta ya fito daga wani abu da kika dasa tun baya. Idan kina so ta ci, kina da hanyoyi biyu na gaskiya. Ɗaya ita ce dabarar da malaman Turanci suka daɗe suna koyarwa, cewa akwai ɓera a cikin kalmar, domin haruffa huɗu na tsakiyarta, A, R, A, T, su ne a rat. Tana aiki, yara suna son ta, amma a labari tana da rauni: da zarar ta tuna ɓeran gardama ta ƙare a sakan ɗaya, sai mai karatu ya ce to me ya hana ta tuna shi tun farko? Idan za ki yi amfani da ita, sai kin ba da dalilin da ya sa ta makara. Ta biyun ta fi ƙarfi a ganinmu. Ki sa a farkon labari malamarta ta taɓa cewa, idan kalma ta ɓoye wasalinta, ki nemi 'yar uwarta da ke faɗin sa da ƙarfi, kuma a ranar ta haɗa mata kalmar da prepare a kan allo, ita kuwa hankalinta na wani wuri. A dandamali sai ta bi dangin kalmar, ta fara da separation, ta ga ita ma a ɓoye take, ta kusa sarewa, sannan allon ya dawo mata. Wannan nasara ce da ta yi wa aiki a gaban idon mai karatu, mataki bayan mataki.

Idan kina so ta faɗi, ki bar ta ta faɗi da hujja. Hannunta ya fara rubuta A, ta ƙi yarda da shi saboda desperate, ta ce E da murya a tsaye. Kada ki tsaya a nan. Akwai haruffa huɗu da suka rage, R, A, T, E, kuma doka ta hana ta komawa. Ki sa ta gane kuskuren a kan R, ta ci gaba da jero sauran tana sane, ta faɗi kalmar a ƙarshe kamar yadda aka koya mata, sannan ƙararrawa. Waɗannan haruffa huɗu na iya zama wuri mafi ƙarfi a labarin gaba ɗaya, domin a nan ake ganin halin yarinyar. Idan kika tambaye mu, wannan muka fi so, amma da sharaɗin kada wani babba ya zo bayan nan ya yi mata wa'azi a kan haƙuri da faɗuwa. Ki bar alƙali ya karanta rubutun daidai, kamar yadda ake yi, ta bi shi da yatsa a tafin hannu, ta sauka.

Abin da ba zai yi ba a kowanne shi ne ceto daga waje: malama a cikin jama'a tana motsa leɓe, ko wani allon talla a bangon zauren da kalmar take a rubuce, ko ta rufe ido ta ce wanda ya zo. Haka nan ki yi hattara da ma'anar kalmar. Tun da rabuwa take nufi, za ki ji kamar ki sa iyayenta sun rabu, uwa a wannan gefen zauren, uba a wancan. Yana iya zama, amma idan za ki yi, ki nuna wurin zamansu sau ɗaya ki wuce, kada Rukayya ta tsaya tana kwatanta kalmar da gidansu. Yarinya mai shekara goma sha uku da ta rage mata sakan talatin harafi take nema.

Kafin ki sake ba kowa ya karanta, ki yi gwaji biyu. Ki karanta wurin tsayuwarta da ƙarfi, kina duba agogo. Idan dokar gasar ta ce minti biyu, karatun na iya kaiwa minti biyar ko shida, domin tunani ya fi agogo sauri kuma mai karatu ya yarda da haka. Amma ki ƙirga abin da aka furta da baki kawai, tambayoyinta da amsoshin mai kira, ki tabbatar za su shiga cikin minti biyun. Sannan ki ba mutum biyu, ɗaya wanda ya san rubutun kalmar, ɗaya wanda bai sani ba, ki tsayar da su a kan P, ki tambaye su wanne za ta ce. Idan wanda ya sani ya ce yana tsoron za ta ce E, wanda bai sani ba kuma ya iya faɗa miki dalilin da ke jan ta zuwa kowane ɓangare, to wurin ya tsaya da ƙafarsa. Idan dukansu suka amsa nan take ba tare da jinkiri ba, ki koma ki duba inda amsar ta zame miki, galibi a bakin mai kira ne ko a wurin da kika fara ambaton jan biron.